Setuksimab, bebasizumab ko haɗin ƙwaya da allura: yadda sakamakon RAS da BRAF ke raba gardama a kansar babban hanji

Idan kansar babban hanji ta riga ta bazu zuwa hanta ko huhu, aka kuma yanke shawarar fara kemo, tambayar da ke biyo baya ita ce me za a ɗora a kan kemon. Hanyoyi uku ne a gaban likita da dangin maras lafiya. Ko a ƙara setuksimab ko ɗan'uwansa panitumumab, allurai ne da ke toshe mai karɓar saƙon girma a bayan ƙwayar halitta. Ko a ƙara bebasizumab, wanda ba ruwansa da wannan saƙo, aikinsa hana sabbin jijiyoyin jini tsirowa su ciyar da ƙarin. Ko kuma, ga wasu 'yan ƙalilan, a haɗa ƙwayar magani ta sha wadda ke kama wani furotin na tsakiyar layin saƙon da ɗaya daga cikin alluran farko. Dukkansu suna da tsada, kuma a wajenmu daga aljihun dangi kuɗin kan fita. Wanda ya dace da wani yana iya zama asarar dukiya ga wani, har ma ya cutar da shi, alhali ciwon nasu a ido iri ɗaya ne. Sai mutum ya san layin da saƙon ke bi, da inda ya lalace a cikin wannan ƙarin na musamman, kafin ya gane dalili.

Yadda saƙon ke tafiya daga waje zuwa ciki

A fatar ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin hanji akwai wani furotin da ake kira EGFR. Ya ratsa fatar ne, kansa a waje, jelarsa a ciki. Yana zaune yana jiran wani ƙaramin furotin mai suna EGF, ko wani daga cikin danginsa, ya zo ya dafe masa a ka. Da zarar hakan ta faru, EGFR biyu sai su matso su manne da juna. A jelar kowannensu akwai sashen da ake kira kainas, wato furotin da aikinsa shi ne ya ɗebo wani ɗan sinadari mai suna fosfet daga ATP, ma'ajiyar ƙarfin ƙwayar halitta, ya liƙa wa wani furotin. Wannan liƙi shi ne harshen da ake magana da shi a duk tsawon layin: wanda aka liƙa wa fosfet ya sauya siffa, ya tashi aiki. To mannewar nan sai ta tayar da kainas ɗin, ya shiga liƙa fosfet a kan wasu wurare na jelar da ake kira tairosin.

Waɗannan tairosin masu fosfet su ne matsayar wani furotin mai suna GRB2, shi kuwa ba ya tafiya sai da SOS a goye. Ta haka SOS ke samun kansa a jikin fatar ta ciki, daidai inda RAS yake maƙale. RAS ba kainas ba ne. Ƙaramin furotin ne mai aljihu ɗaya, inda ɗaya daga cikin wasu ƙananan sinadarai biyu kan zauna: GTP mai fosfet uku, ko GDP mai fosfet biyu. Idan GDP ne a aljihun, yana kashe. Idan GTP ne, yana kunne. SOS yakan buɗe bakin aljihun GDP ya faɗo, kuma da yake GTP ya ninka GDP yawa kusan sau goma a cikin ƙwayar halitta, shi ne ke faɗawa gurbin.

Daga nan ne kainas uku ke miƙa wa juna. RAS mai GTP ya janyo RAF zuwa jikin fata, RAF biyu su haɗu su tashi. RAF ya liƙa wa MEK fosfet biyu. MEK ya liƙa wa ERK fosfet biyu, ɗaya a tiriyonin ɗaya a tairosin, kuma sai biyun sun cika ERK ke tashi sosai. ERK ne ke shiga cibiyar ƙwayar, inda DNA yake. A can ya tayar da wani furotin mai suna ELK1, cikin 'yan mintoci a fara karanta ƙwayar gadon FOS. FOS ya haɗu da JUN su buɗe wasu ƙwayoyin gadon, ciki har da ta saikilin D1. Shi kuma saikilin D1, tare da CDK4 da CDK6, su ne ke ɗage takunkumin da furotin RB ya sa, ƙwayar ta fara kwafe DNA ɗinta don ta rabu biyu.

A lafiyayyen jiki wannan kunnawa ba ta daɗewa, kuma hanyoyin kashewar sun fi muhimmanci ga maganarmu. Na farko, RAS da kansa yakan yanke fosfet ɗaya daga GTP ya mayar da shi GDP, amma shi kaɗai yana da nawa ƙwarai. Sai wani mataimaki da ake kira GAP, irin su NF1, ya zo ya zura wani yatsa nasa na ajinin cikin aljihun, yankan ya yi sauri ninkin dubbai. Na biyu, ERK idan ya tashi yakan juyo baya ya danne waɗanda suka tayar da shi: ya liƙa wa SOS da RAF fosfet a wuraren da ke rage musu ƙarfi, ya rage wa EGFR kuzari, ya kuma sa a ƙera furotin irin su DUSP6 da ke cire masa nasa fosfet ɗin. A riƙe wannan na biyun, domin shi ne zai bayyana wani abin mamaki can gaba.

Mutum zai iya kwatanta layin da umarnin da ke fitowa daga fada: sarki ya gaya wa hakimi, hakimi ya gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa mai unguwa, mai unguwa ya sa a yi shela. Idan dagaci ya ɗauki halin aika umarni da kansa kullum ba tare da an aiko masa ba, rufe ƙofar fada ba zai hana shela ba.

Sauyin da ke barin layin a kunne

Tun 1982 masu bincike a Amurka suka gano cewa harafi ɗaya tak da ya sauya a ƙwayar gadon RAS, a wata kansar mafitsara, ya isa ya mayar da ita mai haddasa kansa. Wurin shi ne amino asid na 12, wato na 12 a jerin tubalan da aka gina furotin ɗin da su, kuma har yau nan ne aka fi samun ɓarnar. A lafiyayyen KRAS, wanda shi ne ɗan gidan RAS da ya fi shafar hanji, gilaisin ne a lamba 12. Gilaisin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin amino asid, ba shi da reshe a gefe, don haka akwai filin da yatsan GAP zai shiga. Idan aka maye gurbinsa da asfatet ko balin ko sistin, reshen sabon sai ya tare hanyar. RAS ya karɓi GTP ya kasa yanke shi da sauri, ya zauna a kunne yana ta kiran RAF, ko EGFR ya yi magana ko bai yi ba. A takardar sakamako haka ake ganin sa:

```
KRAS c.35G>A p.G12D
```

Ma'anarsa harafi na 35 a ƙwayar gadon ya tashi daga G ya koma A, don haka gilaisin na 12 ya zama asfatet. Kusan kashi 40 cikin 100 na kansar babban hanji na ɗauke da sauyi a KRAS, wasu 'yan kaɗan kuma a NRAS, a haɗe kusan rabin marasa lafiya ke nan.

Sauyi na biyu yana mataki ɗaya ƙasa. A 2002 ne masu bincike a Ingila suka bayyana shi, a BRAF, ɗaya daga cikin RAF uku. Balin na 600 ne ke komawa gulutamet, shi ya sa ake rubuta V600E. Gulutamet yana ɗauke da caji irin na fosfet, sai furotin ɗin ya ɗauki siffar wanda aka riga aka tayar. Ba ya jiran RAS, ba ya buƙatar abokin haɗuwa, shi kaɗai yake ta liƙa wa MEK fosfet, kuma a gwajin ɗakin bincike ƙarfinsa ya ninka na lafiyayye sau ɗaruruwa. Ana samun sa a kusan kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na kansar hanjin da ta bazu, kuma masu shi ciwonsu ya fi saurin ci. Da wuya a sami sauyin RAS da V600E a ƙari ɗaya, tunda ɗaya ya riga ya wadatar da kansar.

Sauran marasa lafiyar fa, waɗanda RAS da BRAF ɗinsu lafiya lau? A yawancinsu EGFR ɗin ma bai sauya ba, saɓanin wata kansar huhu inda kainas ɗin jelarsa ne ke lalacewa. Abin da ke faruwa a hanji shi ne ƙarin da kansa ke fitar da dangin EGF masu yawa, yana ta kiran kansa. Layin lafiyayye ne amma ana ta danna shi daga sama. Waɗannan ne kaɗai toshe kan EGFR zai yi wa amfani ba tare da an toshe wani wuri a layin ba.

Setuksimab da bebasizumab gefe da gefe

An amince da setuksimab a Amurka a 2004, panitumumab kuma a 2006, kafin a fahimci wa za su yi wa aiki. Da farko ma ana duba yawan EGFR a jikin ƙarin ne ta hanyar rini, daga baya aka ga wannan gwaji ba ya nuna komai. A 2008 aka koma kan naman marasa lafiyar da suka shiga wani babban gwaji, waɗanda kemo ya riga ya gaza musu, aka duba KRAS ɗinsu. Masu lafiyayyen KRAS da aka ba setuksimab, matsakaicin rayuwarsu ya kai wata 9.5, waɗanda ba a ba su ba wata 4.8. Masu sauyin KRAS kuwa, da wanda aka ba da wanda ba a ba ba, duk kusan wata huɗu da rabi. Illar maganin dai sun sha ta daidai da kowa.

Abin bai tsaya kan rashin amfani ba. A 2013 aka sake nazarin gwajin da ake kira PRIME, inda aka ɗora panitumumab a kan kemon FOLFOX. Masu RAS lafiyayye gaba ɗaya sun kai wata 26 maimakon 20. Masu sauyin RAS da aka ƙara wa allurar sun fi saurin mutuwa a kan waɗanda aka bari da kemo zalla. Nazarin ya kuma nuna cewa kashi 17 cikin 100 na waɗanda tsohon gwajin ya ce KRAS ɗinsu lafiya, ashe suna da sauyi a wani wurin da ba a duba ba. Shi ya sa yanzu ake cewa sai an duba KRAS da NRAS duka, a lambobi 12, 13, 59, 61, 117 da 146. Takardar da ta ce an duba 12 da 13 na KRAS kawai ba ta isa a sayi magani a kanta ba.

Bebasizumab bai damu da wannan duka ba. Yana kama wani furotin ne mai suna VEGF da ƙari ke aikawa don a shimfiɗo masa jijiyoyin jini. Ko RAS ya sauya ko bai sauya ba, ɗan amfanin da yake ƙarawa kan kemo yana nan. Na ce ɗan amfani da gangan: ba ya narkar da ƙari kamar yadda setuksimab ke yi idan ya dace da mai shi, ya fi kama da mai jinkirta ci gaban ciwon.

To ga mai RAS da BRAF lafiyayyu, wanda duka biyun za su iya yi wa aiki, wanne za a ɗauka? A nan wurin da kansar ta fara tsira ne ke shigowa. Babban hanji na dama da na hagu ba daga tushe ɗaya suke ba tun a ciki, kuma kansarsu ba halinta ɗaya ba. Ta hagu, wato daga lanƙwasar da ke kusa da saifa zuwa dubura, ita ce ta fi dogara da kiran EGFR. A gwajin PARADIGM da aka yi a Japan, masu kansar hagu da RAS lafiyayye, panitumumab da kemo ya ba da wata 37.9, bebasizumab da kemo wata 34.3, kuma ƙarin ya ragu sosai a mutum 80 cikin 100 a kan 69. A dama kuwa wannan fifiko ba ya bayyana, wasu gwaje-gwajen ma bebasizumab ne ya yi gaba. A ganina bambancin wata uku da rabi ba shi ne babban abin dubawa ba. Raguwar ƙarin ita ce. Idan ciwon ya tsaya a hanta kawai, kuma likitan fiɗa ya ce da zai ragu da ya iya yanke shi, maganin da ya fi rage girma na iya zama hanyar warkewa baki ɗaya. A irin wannan hali, hagu da RAS lafiyayye, setuksimab ko panitumumab sun cancanci kuɗinsu.

Illolinsu ma ba iri ɗaya ba ne, kuma ya kamata a gaya wa mutum tun kafin a fara. Fata lafiyayya tana amfani da EGFR, don haka yawancin masu karɓar setuksimab, cikin mako biyu zuwa uku na farko, ƙuraje kamar na balaga kan feso musu a fuska da ƙirji da baya. Can gaba fata ta bushe, bakin farce ya tsage ya yi ciwo, har ɗaura maɓalli ya gagara. Rana tana ƙara tsananta ƙurajen, abin lura ga manomi ko ɗan kasuwar da ke wuni a waje. Likitoci kan fara ba da doksisaikilin da man shafawa tun ranar farko. Ƙoda kuma kan riƙa zubar da maganiziyam, sai an riƙa aunawa a jini, domin ƙarancinsa na kawo kasala da ɗaurewar jijiya. Setuksimab, da yake wani ɓangarensa daga furotin ɗin ɓera aka samo, ya fi panitumumab haddasa mummunan bore a lokacin ƙarin ruwan farko. Bebasizumab ba ya kawo ƙuraje. Nasa su ne hawan jini, furotin a fitsari, haɓo, jinkirin warkewar rauni, da kuma hujewar hanji ga mutum ɗaya ko biyu cikin ɗari. Dole a dakatar da shi makonni kafin kowace fiɗa, kuma mai ƙarin da ke neman toshe hanji ko mai zubar jini sai an yi taka-tsantsan.

Inda toshe wuri ɗaya bai isa ba

Mai karatu zai ce to ga mai V600E abin ai mai sauƙi ne, a ba shi maganin da ke kama BRAF. Haka kowa ya zata. A kansar fata da ake kira melanoma, wadda kusan rabinta ke da wannan sauyi, ƙwayar bemurafenib ta rage ƙari a kusan rabin marasa lafiya, aka amince da ita a 2011. Da aka gwada ta a kansar hanji mai sauyi iri ɗaya sak, kusan mutum 5 cikin 100 kawai suka amsa.

A 2012 wasu masu bincike a Amsterdam da wasu a Boston suka gano dalili, kuma shi ne dannewar nan ta baya da na ce a riƙe. A ƙwayar da V600E ke aiki, ERK kullum a sama yake, don haka kullum yana danne EGFR. Da maganin ya kashe BRAF, ERK ya sauka, dannewar ta ɗage. EGFR ya farka, ya tayar da RAS lafiyayye, RAS ya kira CRAF, wani ɗan'uwan BRAF da bai sauya ba, saƙon ya zagaye wurin da aka toshe ya isa MEK. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu ERK ya sake tashi. Ƙwayoyin melanoma ba su da EGFR mai yawa, shi ya sa wannan zagaye bai samu a wurinsu ba. Na hanji cike suke da shi.

Saboda haka setuksimab, wanda shi kaɗai ba ya taɓuka wa mai V600E abin kirki, sai ya zama dole idan an haɗa shi da mai kama BRAF. A gwajin BEACON, ga waɗanda kemon farko ya gaza musu, ƙwayar enkorafenib tare da setuksimab ta ba da wata 9.3 a kan 5.9. An gwada ƙara magani na uku mai kama MEK, tsawon rayuwar bai ƙaru ba, illa ce ta ƙaru. Daga baya gwajin BREAKWATER ya ɗora wannan haɗi a kan FOLFOX tun daga farko, matsakaicin rayuwa ya kai wata 30 a kan 15. A ciwon da aka sani da saurin kisa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai gargaɗi a nan. Mai kama BRAF, idan ya shiga ƙwayar da RAS ɗinta ne ya sauya, yakan kama RAF ɗaya cikin biyun da suka haɗu ya tayar da ɗayan, layin ya ƙara ƙarfi maimakon ya mutu. Ba a ba mai sauyin RAS wannan ƙwaya ko kusa.

Shi kansa KRAS an shafe shekara talatin ana cewa ba shi kamuwa, domin jikinsa sumul yake kuma yana riƙe GTP gam. A 2013 aka gano wani ɗan lungu kusa da lamba 12 wanda magani zai iya shiga ya ɗaure da sistin. Wannan na nufin sai mai G12C kaɗai, kuma su kashi 3 zuwa 4 ne cikin 100 a kansar hanji. Sotorasib da adagirasib ke nan. Labarin bemurafenib ya maimaita kansa: sotorasib shi kaɗai ya rage ƙari a kusan mutum ɗaya cikin goma, da aka haɗa shi da panitumumab ya kai kusan ɗaya cikin huɗu. Mai G12D ko G12V, waɗanda su ne mafi yawa, waɗannan ƙwayoyi biyu ba su da abin kamawa a jikinsa. Don haka kada a tsaya ga jin cewa KRAS ya sauya, a karanta harafin ƙarshe.

Mu bi mutum ɗaya

A ɗauka magidanci ne mai nauyin kilo 60 da tsawon santimita 165, an cire masa ƙari a ƙarshen hanjin hagu, hoto ya nuna ƙulli huɗu a hanta. Faɗin jikinsa a lissafin likitoci ya kama murabba'in mita 1.66. Setuksimab ana ba da miligiram 500 a kan kowane murabba'in mita duk mako biyu, wato miligiram 830, kwalba tara ke nan ta miligiram 100. A wata shida, zagaye 12, kwalba 108. Panitumumab miligiram 6 ne a kan kilo, 360 ke nan. Bebasizumab miligiram 5 a kan kilo, 300. Duk wanda ya tambayi kuɗin kwalba ɗaya ya ninka da 108 zai ga cewa kuɗin gwajin RAS, ko da sai an aika naman wani gari ko wata ƙasa, bai kai komai ba a gefensa.

Naman da za a gwada yana nan, shi ne guntun da aka daskarar cikin kaki bayan fiɗa, wanda ma'aikatan ɗakin gwaji ke kira bulok. Dangi su tabbatar an adana shi, su san lambarsa. Matsalar da aka fi samu daga nan take. Idan naman ya daɗe a ajiye kafin a tsoma shi a fomalin, ko ya kwana da kwanaki a ciki fiye da uku, ko fomalin ɗin ba daidaitacce ba ne, DNA kan farfashe. Idan kuma yankin da aka kankaro yawancinsa lafiyayyen nama ne, sauyin kan ɓace a cikin taro, takarda ta fito da cewa ba a ga komai ba. Saboda haka takarda mai kyau takan faɗi kashi nawa na yankin ƙwayoyin kansa ne, da wace hanya aka bi, da waɗanne lambobi aka duba. Sakamakon "ba sauyi" daga yankin da kansa ba ta kai kashi goma ba abin tuhuma ne.

Idan takardarsa ta fito RAS da BRAF lafiya, ciwonsa na hagu ne, hanta kaɗai ya taɓa: kemo da setuksimab ko panitumumab, a sake hoto bayan wata biyu a nuna wa likitan fiɗa. Idan G12D ta fito, an rufe wannan babi, kemo ne da bebasizumab in da hali, in babu kemo zalla, kuma kemo zalla magani ne na gaske, shi ne ƙashin bayan duk waɗannan haɗe-haɗe. Idan V600E ce, enkorafenib da setuksimab da kemo in ana iya samu. Idan kuwa ba yadda za a yi a gwada, ra'ayina a fili yake: kada a sayi setuksimab a kan tsammani. Wani bincike da aka wallafa a 2021 kan marasa lafiya a kudu maso yammacin Najeriya, wanda likitocin Ile-Ife suka yi tare da wata cibiyar kansa ta New York, ya sami sauyi a layin RAS a kusan kashi uku cikin huɗu na babban rukunin ƙarin da aka duba, fiye da na Amurkawan da aka kwatanta da su. Ba a Arewa aka yi shi ba, amma ya isa ya nuna cewa cacar ba ta goyon bayan mai saye.

Binciken nan ya kuma sami wani abu da ya sa ya kamata a roƙi gwaji na uku a kan bulok ɗin, wato MSI ko MMR, mai nuna ko injin gyaran kuskuren DNA ya lalace. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarin 'yan Najeriyar suna da wannan lahani. Mai shi, maganin tayar da garkuwar jiki irin fembirolizumab ne ke gaba da duk waɗanda muka lissafa, ko da yana da V600E. Ana iya yin wannan gwaji da rini, ya fi na RAS sauƙi.

Ko wanda setuksimab ya yi wa aiki, ba ya dawwama. A cikin biliyoyin ƙwayoyin ƙarin akwai 'yan tsiraru da tun asali suke da sauyin KRAS, ƙanƙantarsu ta sa gwaji bai gan su ba. Maganin ya kashe maƙwabtansu, fili ya zama nasu. A 2012 aka nuna cewa ana iya tsintar DNA ɗinsu a jini watanni kafin hoto ya nuna ciwon ya dawo. Alamar da aka fi gani a asibiti ita ce awon CEA, wani furotin da ake aunawa a jini, wanda ya sauka ya fara hawa, sannan hoto ya tabbatar. A wannan lokaci ci gaba da allurar ɓarnar kuɗi ce, sai a sauya kemon a koma bebasizumab. Bayan an janye maganin, waɗannan ƙwayoyi masu sauyi kan ragu a hankali, domin ba su da fifiko idan ba a danne sauran ba. Shi ya sa wasu likitoci kan sake gwada jini bayan wata huɗu ko fiye, idan ba a ga sauyin RAS ba su sake komawa kan setuksimab ko panitumumab, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko uku ƙarinsa kan sake raguwa na wani lokaci.